A sa mai abinci ta ce ba ta da canji

Da wuya ka buɗe littafin lissafi na aji biyu ko na uku a makarantunmu na Kumasi, ka zo kan ɗebewa, ba ka tarar an aiki wani yaro kasuwa ba. An ba shi sidi 50, ya sayi kayan sidi 23, nawa ne canjinsa? Masu rubuta irin wannan tambaya niyyarsu mai kyau ce, so suke yaro ya ga lissafi a cikin abin da ya sani. Ni dai ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina koyar da ƙananan azuzuwa, shi ne tambayar a yadda aka saba rubuta ta ba ta koya wa yaro fasa goma, wato mayar da goma ɗaya ta zama ɗaiɗai goma idan ana ɗebewa. Sau da yawa ma rufa wa matsalar asiri take yi. Gyaranta kuma bai kai a kashe ko fesuwa ɗaya ba: jimla guda ce za a ƙara a cikin labarin, sannan a zaɓi lambobin da hankali.

Mu fara duba abin da ke faruwa a gaban tebur na gaske. Ka sayi kayan sidi 23 a Aboabo ko a Kejetia, ka miƙa takardar hamsin. Mai kaya ba za ta cire uku daga sifili ba. Za ta ajiye maka sidi biyu ta ce ashirin da biyar, ta ɗora biyar ta ce talatin, ta ɗora ashirin ta ce hamsin. Hawa ta yi daga kuɗin kaya zuwa kuɗin da ka ba ta, babu inda ta ɗebe wani abu. Yaron Zango da ake aike tun yana ɗan shekara biyar ya ga wannan har ya haddace. Idan ka karanta masa tambayar da baki, kafin ka rufe baki ya ce ashirin da bakwai. Ka ce masa ya rubuta a tsaye, 50 a sama, 23 a ƙasa, sai ya kawo maka 33. Yaro ɗaya ne, tambaya ɗaya ce, amsa biyu. Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. Masu bincike sun rubuta irinsa a 1985 game da yara masu talla a birnin Recife na Brazil, waɗanda suke yin lissafin ciniki daidai a kan titi, amma su faɗi lissafin nan ɗin idan an ba su shi a takarda.

To, ga inda matsalar take. Malami ya ji amsar baki ta fito daidai, ya ɗauka an gane, ya wuce. Ko kuma ya ga ta takarda ba daidai ba, ya ce yaron ba ya ja. Duka biyun bai ga abin da ya faru ba. Labarin ya tura yaron wata hanya, rubutun allo yana neman wata dabam, kuma babu wanda ya haɗa masa su.

Abin da rubutun tsaye yake nema shi ne yaro ya yarda cewa 42 gomomi huɗu ne da ɗaiɗai biyu, kuma ita ɗin ce dai gomomi uku da ɗaiɗai goma sha biyu, ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu. Duk wahalar fasa goma a nan take. Kuma akwai lokaci guda a cinikin yau da kullum da ake yin wannan abu sak, wato lokacin da mai sayarwa ta dubi takardarka ta ce ba ta da canji. Wane yaro ne a Asawase bai taɓa bin shaguna da takardar goma a hannu yana cewa a taimaka masa da canji ba? Ya san da ya shiga shagon da goma ya shiga, da ya fito da goma ya fito, siffarta ce kawai ta sauya. Wannan sanin da yake da shi shi ne ya kamata tambayar ta taɓo.

Ga yadda nake rubuta ta. Rabi tana da takardun sidi goma guda huɗu da sulallan sidi ɗaya guda biyu. Ta sayi wake da shinkafa na sidi 18. Mai abinci ta ce ba ta da canji, sai a ba ta kuɗinta cif. Me Rabi za ta yi, kuma nawa zai rage a hannunta?

Ba na barin a taɓa fensir tukuna. Ana yanka kwali a rubuta 10 a kai, shi ne takardar goma, murafun kwalba kuma su ne sulalla. Yaro ɗaya ya zama mai abinci, ɗaya ya zama mai shagon maƙwabta da tulin murafu a gabansa, ta uku ita ce Rabi. Ta miƙa kwali ɗaya, goma ta biya, saura takwas. Ta dubi hannunta, murafu biyu ne kawai. A nan nake yin shiru, domin wannan tsayawar ita ce darasin. Wani daga baya zai ce, “Malam, ta ba ta goma biyu mana, a mayar mata da biyu.” Sai mai abinci ta maimaita cewa ba ta da canji. Ba a jimawa wani zai ce ta je shago ta fasa. Ta kai kwali ɗaya, ta dawo da murafu goma.

Kafin ta biya nakan tsayar da ita in tambaya, yanzu nawa ne kuɗinki? Za ka yi mamakin yawan yaran da za su ce sun ƙaru, don sun ga hannu ya cika, ko su ce sun ragu don kwali ɗaya ya tafi. Sai a ƙirga tare. Idan an mayar da goman da ta fara miƙawa, kwali uku ne da murafu goma sha biyu, talatin da goma sha biyu, arba'in da biyu dai. Daga nan ta biya kwali ɗaya da murafu takwas. Abin da ya rage kwali biyu da murafu huɗu, sidi 24.

Sai yanzu allo ya shigo, kuma kowane zane da alli zai yi sai an faɗi abin da yake nufi a cikin labarin. An soke 4 an rubuta 3, saboda takarda ɗaya ta tafi shago. An mayar da 2 ta zama 12, saboda sulalla goma sun dawo sun tarar da biyu. Goma sha biyu a cire takwas, huɗu. Uku a cire ɗaya, biyu. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau da dama, idan ya manta soke 4 ɗin, tambaya ɗaya ta ishe shi: takardar da ka kai shago, mai shagon ya bar maka ita ne bayan ya ba ka sulalla? Dariya zai yi ya gyara da kansa. Shi ya sa ba na son a ce wa yara an yi aron ɗaya daga maƙwabci. Ba ɗaya ba ne, goma ce, kuma ba a mayarwa. Yaro mai wayo zai tambayi yaushe za a biya bashin, kuma malami ba shi da amsa.

Wani zai ce ai kuɗinmu ba goma da ɗaya kaɗai ba ne. Haka ne, muna da sidi 2, da 5, da 20, da 50, kuma tun 2019 ga takardun 100 da 200. Amma a makonnin farko a ajiye su gefe. Idan ka ba Rabi takardar biyar da sulen sidi biyu, za ta haɗa takwas ta wata hanya, kuma rubutun allo ba shi da gidan biyar. Gida biyu ne kawai a wannan mataki, na goma da na ɗaya, don haka aljihun Rabi ma kada ya wuce iri biyu. Sauran kuɗin za su dawo idan hannu ya faɗa.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so malamai da iyaye su tsaya a kai, wato karanta amsar da ba daidai ba. Jan biro a ja gicciye ba ya gaya wa kowa komai. A wannan tambaya ta 42 a cire 18, amsoshin kuskure kusan kullum uku ne, kuma kowace tana da ciwonta. Idan yaro ya rubuta 36, ya dubi 2 da 8 ya ga biyu ba za ta ba da takwas ba, sai ya juya su ya cire ƙarami daga babba, ya sami 6, sannan huɗu a cire ɗaya ya sami 3. Wannan bai fasa komai ba, kuma bai ɗauki 42 a matsayin kuɗi guda a aljihu guda ba, yana ganin lambobi huɗu ne kowace zaman kanta take yi. Shi ne mai buƙatar komawa kan kwali da murafu. Idan ya rubuta 34, ya fasa goman, ya sami 4 daidai, amma ya manta rage gidan goma. Alamar wannan kuskure ita ce amsarsa kullum tana ɗara ta gaskiya da goma cif. Wannan ya kusa, tunatarwa kawai yake so. Idan kuwa ya rubuta 30, ya yanke hukunci ne cewa biyu a cire takwas babu, ya sa sifili ya wuce. Galibi irin wannan yaron an sha gaya masa a aji ɗaya cewa ba a cire babba daga ƙarami, ya kuwa riƙe maganar.

Yara uku ke nan, magani uku. Malamin da ya tara su ya sake maimaita musu darasin jiya da ƙarfin murya, ɗaya kawai ya taimaka wa, in ma ya taimaka.

Sai dai wannan karatu ba ya yiwuwa idan an zaɓi lambobi da ka. Gwada 52 a cire 27. Amsa ita ce 25. Yaron da ya juya lambobi zai ce bakwai a cire biyu biyar, biyar a cire biyu uku, ya rubuta 35. Yaron da ya fasa goma ya manta ragewa zai ce goma sha biyu a cire bakwai biyar, biyar a cire biyu uku, shi ma ya rubuta 35. Ciwo biyu mabambanta sun fito da fuska ɗaya. Haka zai faru duk lokacin da tazarar lambobin gidan ɗaya ta zama biyar, kamar 43 da 18, ko 61 da 36, ko 74 da 29, domin goma a cire biyar biyar ce. Wanda yake rubuta tambaya don ya gane inda yaro ya tsaya, ya kauce wa wannan tazara. Sauya 52 ta zama 53 kawai ya wadatar: amsa 26, mai juyawa zai kawo 34, mai mantuwa ya kawo 36. Ban ga dalilin da zai sa a bar irin wannan ga sa'a ba, alhali minti ɗaya ya isa a duba.

Wannan ya dawo da ni kan takardar hamsin da ta ɗari, waɗanda masu rubuta tambayoyin ciniki suka fi ƙauna saboda su ne suka fi kama da gaskiya. A wajen fasa goma su ne mafi wuya, bai kamata a fara da su ba. Sidi 100 a cire 37 yana buƙatar zuwa shago sau biyu: a fasa ɗari ta zama gomomi goma, a sake fasa goma ɗaya ta zama sulalla goma, a tsaya da gomomi tara da ɗaiɗai goma kafin a biya, a sami 63. Tsarin karatun firamare da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta fitar a 2019 ya sa ɗan aji biyu yana tarawa da ɗebewa a cikin ɗari, ɗan aji uku a cikin dubu. Wannan iyaka ce ta girman lamba, ba ta ce kowace tambaya a ƙasa da ɗari nauyinta ɗaya ba. A ganina sai yaro ya saba da irin 42 da 18, sannan a kawo masa mai sifili ɗaya kamar 60 a cire 24, sannan ɗari.

Amma idan an iso ɗarin, a nan labarin ciniki yake biyan kuɗinsa. Mai juya lambobi zai rubuta 137. A lissafi tsura ba abin da zai dame shi, lamba ce kamar kowace. A cikin labari kuwa sai ka ce masa, “Sani, Mma ta ba ka ɗari, ka sayo kaya, ka dawo mata da ɗari da talatin da bakwai? Gobe ni ma kai zan aika.” Ajin zai fashe da dariya, shi ma ya ga abin da ido. Wannan awo na hankali shi ne babban amfanin sa kuɗi a cikin tambaya, kuma ya kamata a nema tun kafin a fara lissafi: Rabi ta kashe kusan ashirin daga arba'in da biyu, to abin da zai rage zai yi kusa da ashirin ne ko kusa da arba'in? Wanda ya amsa wannan da bakinsa ba zai rubuta 36 hankalinsa kwance ba.

Awon nan kuwa ba ya aiki sai farashin ya yi kama da na yau. Hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, don haka littafin da aka buga kafin nan yana sayar da burodi da sabulu a kuɗin da yaro zai ɗauka tatsuniya ce. Da zarar ya ga farashin ba na duniyarsa ba ne, ya daina tunanin kasuwa, ya koma tsintar lambobi. Malami ya tambayi ajin da safe nawa aka sayi koko da ƙosai yau, ya gina tambayarsa a kai, ya ɗan gyara lambar yadda za ta tilasta fasa goma. Fesuwa kuma a bar ta sai gaba, don tana jawo ɗigo da gidaje biyu na dama. Akwai ma wani ruɗani na cikin gida: tun 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, amma har yau akwai kakannin da za su miƙa wa jika takardar goma su ce ga dubu ɗari. Idan yaro ya kawo amsa mai tulin sifili, a tambaye shi da kuɗin wa yake ƙirgawa kafin a yi masa faɗa.

Sai harshe, wanda ya fi shafar 'ya'yanmu na Zango fiye da na wasu. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu. Yaronmu a Kumasi yana magana da Hausa a gida, ya yi wasa da Tuwi a waje, ya tarar da tambayar lissafi da Turanci. Idan ya faɗi tambayar labari, ba lallai ne lissafin ya kayar da shi ba. Gwajin mai sauƙi ne, kowace uwa za ta iya yi a bakin murhu: a faɗa masa labarin da Hausa. In ya warware, matsalar karatu ce. In ya tsaya a inda murafu biyu suka kasa biyan takwas, matsalar fasa goma ce. Abin da nake adawa da shi shi ne dabarar da wasu malamai suke bi don tsallake harshen, su ce wa yara duk inda kuka ga kalma kaza ku ɗebe, inda kuka ga kaza ku tara. Ka ba irin wannan yaro tambaya kamar haka: takalmi sidi 61 ne, Sani yana da 38, nawa zai ƙara kafin ya saya? Zai ji an ce ƙara, ya tara, ya kawo 99, alhali 23 ake nema.

Na san abin da 'yan kasuwarmu za su ce, kuma na sha ji daga iyayen yara: mu da ba mu soke lamba muna lissafin dubbai ba a cuce mu, me ya sa za a wahalar da yaro da zane-zane? Maganarsu tana da ƙarfi, ba kuma na goyon bayan malamin da zai kashe amsar yaro don ya same ta ta hanyar hawa. A 50 a cire 23, hawa ya fi sauri kuma ya fi aminci, ni ma da shi nake amfani. Amma hawa yana gajiya idan lambobi sun yi tsawo kuma ba su faɗa kan kuɗi mai suna ba. Yaron da zai cire 1,867 daga 4,213, ko ya yi rabawa mai tsawo a aji biyar inda kowane layi ɗebewa ce, yana buƙatar hanyar da ba ta dogara da riƙe komai a ka ba. Kuma wanda ya gane cewa goma ɗaya ɗaiɗai goma ce, shi ne gobe zai gane awa ɗaya minti sittin ce idan ana cire lokaci. A bar masa duka biyun: ya yi a tsaye, ya tabbatar da hawa, kamar yadda mai kaya take ƙirga canji a tafin hannun mai saye.

Akwai kuma abin da ke faruwa da daddare, idan uba ko yaya ya zauna taimaka wa yaro da aikin gida. Da yawa cikin manya an koya musu wata hanya dabam, inda ba a soke lambar sama, sai a ƙara ɗaya a kan lambar ƙasa ta gidan goma. A 42 da 18, za su ce goma sha biyu a cire takwas huɗu, sannan ɗayan ƙasa ya zama biyu, huɗu a cire biyu biyu. Amsa 24, daidai ce, hanyar ba ta da aibi. Amma labarin zuwa shago ba ya bayyana ta, kuma yaron da ya ji wannan a gida ya ji waccan a makaranta yakan haɗa su, ya rage sama ya kuma ƙara ƙasa, ya kawo 14. Idan malami ya ga amsa ta gaza ta gaskiya da goma cif, kafin ya zargi yaron ya tambaye shi wa ya taya shi aiki jiya. Makarantun da ke kiran taron iyaye, har da na Islamiyya da ke bin tsarin gwamnati, su ware minti goma a taron su nuna wa iyaye kwali huɗu da murafu biyu, su yi cinikin Rabi a gabansu, don hanyar da ake bi a gida ta zama ɗaya da ta aji.